Endo ko Ekzo: Yadda Sinadarai Biyu Suke Ƙulla Zobe, da Siffar da Take Fitowa

Akwai wasu fararen sinadarai guda biyu da masana suke rubuta su da tsarin lissafi ɗaya tak: C9H8O3. Kowannensu yana da atam tara na kabon, takwas na haidurojin, uku na oksijin. Ba nan kamar ta tsaya ba, domin atam ɗin da yake ɗaure da wani a cikin na farko, shi ne dai yake ɗaure da shi a cikin na biyu. Amma in aka ɗora su a wuta, ɗaya zai narke a wajen digiri 165 na ma'aunin Salshiyas, ɗayan kuwa tun a wajen digiri 143 ya zama ruwa. Abin da ya raba su shi ne inda wani ɓangare na jikinsu ya fuskanta. Na farkon ana ce masa endo, na biyun ekzo.

Kayan haɗi iri ɗaya ne suke iya haifar da su duka biyun. Sai dai in ɗalibi ya haɗa kayan nan a ɗakin gwaje-gwaje, cikin sanyi, kusan endo zalla zai kwashe, alhali endo ɗin shi ne ya fi cunkushewa, ekzo ya ɗan fi shi kwanciyar hankali. Me ya sa wanda ya fi takura yake yin rinjaye? Kafin amsa, sai mun ga yadda ake ƙulla zoben.

Otto Diels da almajirinsa Kurt Alder ne suka bayyana wannan haɗi a 1928, suna aiki a Jami'ar Kiel ta ƙasar Jamus, kuma saboda shi aka ba su kyautar Nobel ta kemistiri a 1950. Shi ya sa ake kiransa haɗin Diels da Alder. Abokan haɗin biyu ne. Na farko shi ne dayin: jerin kabon huɗu mai tagwayen ɗauri biyu, da ɗauri guda a tsakaninsu, wato C=C–C=C. Na biyu shi ne alkin: kabon biyu da tagwayen ɗauri ya haɗa, C=C. In suka gamu, kabon na farko da na huɗu na dayin sai su kama kabon biyu na alkin, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. Huɗu da biyu shida, sai zobe mai kabon shida ya rufe. Tagwayen ɗauri ukun da aka fara da su duk sun kwance, an sami sababbin ɗauri biyu masu ƙarfi, sannan tagwayen ɗauri guda ya bayyana a tsakiyar tsohon dayin, tsakanin kabon na biyu da na uku. Ba a zubar da ko atam ɗaya ba. Duk abin da aka zuba yana cikin abin da ya fito.

Sharaɗi na farko shi ne dayin ya lanƙwasa, bakinsa biyu su dubi gefe ɗaya, ta yadda alkin zai iya taɓa su tare. Dayin da ya miƙe ba zai yi ba. Na biyu, haɗin yana sauri in alkin ɗin yana ɗauke da rukunin da yake janye ilektiron daga gare shi, irin su C=O. Mafi sauƙin misali a kan takarda, wato butadayin da etilin, shi ne mafi taurin kai a aikace: sai an kai wajen digiri 200 tare da matsin iska mai yawa. Amma saikulofentadayin, C5H6, zobe ne mai kabon biyar wanda dayin ɗinsa yake a lanƙwashe dindindin, domin wani CH2 ya riƙe bakinsa biyu. Maliyik anhaidiraid kuwa, C4H2O3, alkin ne mai C=O biyu, ɗaya a kowane gefe. Waɗannan biyun ko a cikin ruwan ƙanƙara ba sa jira. Su ne iyayen fararen sinadaran da muka fara da su.

Abin da ba ya canzawa

Sababbin ɗaurin nan biyu a taki ɗaya suke ƙulluwa. Ba wai ɗaya ya kama, a dakata, sannan na biyu ya biyo ba. Wannan ƙaramin batu shi ne tushen komai game da siffar abin da zai fito. Tagwayen ɗauri ba ya juyawa, don haka duk abin da yake rataye a jikin alkin yana nan inda yake, ko dai gefe ɗaya, wanda ake kira sis, ko gefe daban-daban, wanda ake kira tirans. Da a ce ɗauri ɗaya ne yake fara kamawa, da ɗayan kabon ya sami sararin juyawa kafin zoben ya rufe, tsarin ya dagule. Tunda tare suke kamawa, babu wannan sarari. Dayin yana zuwa ta fuska ɗaya ta alkin, ya kama kabon biyun ta wannan fuskar, ya daskarar da tsarin yadda ya same shi.

Ana ganin haka ƙarara da wasu tagwaye biyu, daimetil maliyet da daimetil fumaret. Dukkansu alkin ne mai rukunin COOCH3 guda biyu. A maliyet rukunan suna gefe ɗaya, a fumaret suna gefe daban-daban. A haɗa maliyet da butadayin, zoben da zai fito yana ɗauke da rukunan biyu a fuska ɗaya. A haɗa fumaret, ɗaya zai dubi sama, ɗaya ƙasa. Sis ya haifi sis, tirans ya haifi tirans.

Haka abin yake a ɓangaren dayin. Ɗauki CH3–CH=CH–CH=CH–CH3 wanda tagwayen ɗaurinsa biyu duk tirans ne. In ya lanƙwasa, kowane baki yana da abu ɗaya da ya dubi waje, wato CH3, da abu ɗaya da ya dubi ciki, wato H. Bayan an rufe zobe, na wajen biyu za su tsinci kansu a fuska ɗaya, na cikin biyu su koma ɗaya fuskar.

Wannan ƙa'ida tana da ƙarfi ƙwarai. In aka ga ta karye, masana ba sa cewa an sami togaciya. Cewa suke yi haɗin ya bi wata hanya dabam mai taki biyu. A riƙe wannan, domin ƙa'idar da za ta biyo baya ba ta da irin wannan ƙarfi, ko da yake ita ta fi suna.

Zama biyu

Ko bayan an kiyaye sis da tirans, akwai sauran zaɓi guda. A ɗauki faifai a riƙe shi a kwance, a ce shi ne saikulofentadayin. A kawo ludayi ta ƙarƙashinsa, kan ludayin ya taɓa faifan; kan nan shi ne C=C na maliyik anhaidiraid, mariƙin kuwa shi ne sauran jikinsa mai C=O biyu. Ana iya cusa mariƙin a ƙarƙashin faifan, ya ɓuya. Ana kuma iya juya shi ya leƙo waje. A duka biyun wurin da aka taɓa bai canza ba. Na ɓoyen shi ne zaman endo: rukunan C=O suna kwance daidai ƙarƙashin kabon na biyu da na uku na dayin. Na leƙen shi ne zaman ekzo.

Abin da yake fitowa ba shimfiɗaɗɗen zobe ba ne. Zobe ne mai kabon shida da aka gitta masa gada ta sama, gadar kuwa ita ce CH2 ɗin nan da ya riƙe bakin dayin. A siffar endo, zoben anhaidiraid ya kauce wa gadar, ya lanƙwasa ƙasa zuwa wajen sabon tagwayen ɗaurin. A siffar ekzo ya karkata zuwa ɓangaren gadar, ya yi nisa da tagwayen ɗaurin. Da zarar an ƙulla, babu juyin da zai mai da wannan ya zama wancan. Sai dai a tsinke ɗauri.

Alder da abokin aikinsa Gerhard Stein sun tattara abin da suka gani a gwaje-gwaje masu yawa suka fitar da shi a matsayin ƙa'ida a 1937: abokan haɗin sun fi son zaman da zai tara tagwayen ɗauri a wuri ɗaya, har da na C=O waɗanda ba su ne suke ƙulla komai ba. Ma'ana, endo.

In aka koma ga heksadayin ɗin can mai CH3 biyu aka haɗa shi da maliyik anhaidiraid, za a ga ƙa'idojin biyu suna aiki tare. CH3 biyun suna fuska ɗaya saboda ƙa'idar farko. C=O biyun ma suna fuska ɗaya saboda ita. Zaman endo kuma ya sa fuskar CH3 ta zama ita ce fuskar C=O. Kabon huɗu a jere, kowanne da abin da ya rataya, duk sun dubi wuri ɗaya, kuma a haɗi guda aka tsara su. Wannan ne ya sa masu ƙera magunguna suke ji da haɗin. Robert Woodward ya yi amfani da shi a hanyarsa ta haɗa kotizon da kolestarol a farkon shekarun 1950, E. J. Corey ma da shi ya fara hanyarsa ta haɗa furostagilandin a 1969.

A ɗakin gwaji

Aikin yana farawa da wata wahala wadda ita kanta darasi ce. Ba a sayen saikulofentadayin a kwalba, domin in aka ajiye shi sai ya yi haɗin Diels da Alder da kansa: ƙwaya ɗaya ta tsaya a matsayin dayin, wata a matsayin alkin, su zama C10H12. Shi ma wannan endo ne. Don haka C10H12 ake saya, a dafa shi zuwa wajen digiri 170, haɗin ya warware, tururin saikulofentadayin ya tashi. Yana tafasa a wajen digiri 41, sai a tare shi a kwalbar da take cikin ƙanƙara, a yi aiki da shi a ranar.

A narkar da giram 6 na maliyik anhaidiraid a cikin mililita 16 na etil asitet, a ƙara mililita 16 na wani siririn man fetur da ake kira ligiroyin, a sanyaya a ƙanƙara. Sannan a zuba mililita 6 na sabon saikulofentadayin, a riƙa kaɗawa. Kwalbar za ta ɗauki ɗumi da kanta, ba da jimawa ba farin abu ya fara taruwa. A ɗan ɗumama har ya narke, a bar shi ya huce a hankali ba tare da girgiza ba, sai dogayen fararen ƙwayoyi su fito. A tace, a shanya.

Lissafin ba wuya. Nauyin mol ɗaya na anhaidiraid giram 98 ne, na saikulofentadayin 66, na abin da suka haifa 164. Giram 6 kimanin mol 0.061 ke nan, mililita 6 na dayin kuwa kimanin mol 0.073, ya ɗan fi, don haka anhaidiraid ne zai fara ƙarewa. Iyakar abin da za a iya samu giram 10 ne. Wanda ya sami wajen giram 8 ya yi aiki mai kyau.

Inda abin yake ɓaci sananne ne. Dayin da ya kwana a ɗaki ya riga ya fara komawa C10H12, sai a sami kaɗan. Tsohon anhaidiraid da ya sha laima ya zama asid, alamarsa kuwa farin gari ne da yake ƙin narkewa a etil asitet. Ruwa a cikin kwalba yana iya buɗe zoben anhaidiraid na abin da aka haɗa, sai ma'aunin narkewa ya kauce, ya kuma bazu a kan digiri da yawa maimakon ya tsaya cak. In kuma aka zuba dayin ba tare da sanyi ba, zafin haɗin zai iya tafasa shi ya gudu.

To yaya za a tabbatar endo aka samu? Hanya mafi arha ita ce ma'aunin narkewa: 165 ko 143. Akwai kuma wata dabara mai kyau da take amfani da siffar kanta. In rukunin da ya rataya asid ne, COOH, aka zuba aidin da bakabonet, asid ɗin endo yana kusa da tagwayen ɗaurin, don haka zai miƙa oksijin ɗinsa ya kama shi, ya rufe wani sabon zobe, ya daina zama asid. Na ekzo hannunsa ba ya kaiwa, sai ya zauna a ruwa a matsayin gishiri. Da wannan ake raba su in sun cakuɗe. A yau na'urar NMR ta fi sauri: a siffar endo, haidurojin da yake kusa da C=O yana nuna alaƙa da haidurojin na gindin gada, a siffar ekzo kuwa alaƙar kusan babu.

Wanda ya riga zuwa

Yanzu ga amsar tambayarmu. A ɗauki tsantsar endo ɗin nan a dafa shi zuwa wajen digiri 190 na ɗan lokaci. In ya huce, za a tarar da gauraye, endo da ekzo, har ekzo ya ɗan rinjaya. Zafin ya ba haɗin damar warwarewa da sake ƙulluwa sau da yawa, a irin wannan hali kuwa wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne yake taruwa. Ashe a cikin sanyi endo bai yi nasara don ya fi ƙarko ba. Ya yi nasara ne don shingen da ake tsallakewa kafin a kai gare shi ya fi gajarta, kuma a sanyi wanda ya tsallake ba ya iya dawowa.

Bambancin shingen ba sai ya yi yawa ba. A zafin ɗaki, ratar kilokalori 1.4 a kowane mol tana ba da kashi goma a kan ɗaya, ratar 2.7 kuwa tana ba da ɗari a kan ɗaya. Tsinke ɗauri guda tsakanin kabon da kabon yana cin sama da kilokalori 80. Wato ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ne yake yanke hukunci, shi ya sa gano asalinsa ya yi wuya.

Bayanin da ya fi shahara na Woodward da Roald Hoffmann ne, a 1965. Sun ce a zaman endo, gajimaren ilektiron na C=O yana ɗan taɓa na kabon na biyu da na uku na dayin. Taɓawar ba ta zama ɗauri ba, amma tana rage tsayin shingen, kuma tana gushewa da zarar haɗin ya kammala, shi ya sa ba ta amfanar abin da ya fito. Bayani ne mai daɗin zanawa a allo, kuma shi ake koyarwa har gobe. Sai dai wasu masana sun ƙalubalance shi, suna ganin jan da yake tsakanin caji da caji, da cunkoson da gadar CH2 take haifarwa a zaman ekzo, da tasirin ruwan da aka narkar da kayan a ciki, sun isa su bayyana abin. A ganina ɗalibi ya koyi bayanin Woodward da Hoffmann, amma ya san cewa abin da aka auna shi ne rinjayen endo. Dalilin kuwa har yanzu ana ja-in-ja a kansa.

Kuma rinjayen ba kullum ba ne. Saikulofentadayin da metil akirilet suna ba da endo wajen kashi huɗu cikin biyar kawai. A ƙara AlCl3, wanda yake manne wa oksijin na C=O ya ƙara masa ƙishin ilektiron, sai haɗin ya ƙara sauri, endo ya haura kashi 95 cikin ɗari. A sa CH3 guda a kan kabon da yake ɗauke da rukunin, wato metil metakirilet, sai ekzo ya karɓe rinjaye. Wani bincike da aka buga daga Ostireliya a 2020 ma ya nuna cewa butadayin tsurarsa da irin su akirilet kusan raba daidai suke yi.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne furan, C4H4O, wanda yake kama da saikulofentadayin sai dai oksijin ne a gurbin CH2. In aka haɗa shi da maliyik anhaidiraid aka bar su, ekzo ake kwashewa, abin da Woodward da Harold Baer suka tabbatar a 1948. Furan yana da wata natsuwa ta musamman a zobensa wadda yake rasawa in ya shiga haɗin, don haka komawa baya tana masa sauƙi ko a zafin ɗaki. Endo yana samuwa, ya warware, ya sake samuwa, ekzo kuwa yana taruwa a hankali har ya cinye. Abin da sai an kai digiri 190 yake faruwa da wancan, da wannan a kan tebur yake faruwa.

Wani abu kuma da ɗalibai suke yawan ruɗewa a kai: zaɓen endo bai zaɓi dama ko hagu ba. Alkin yana iya zuwa ta saman dayin ko ta ƙasansa, babu bambanci. Da maliyik anhaidiraid hanyoyin biyu abu ɗaya suke bayarwa, domin rabin ƙwayar hoton madubin ɗaya rabin ne. Da metil akirilet kuwa ana samun endo iri biyu, kowanne hoton madubin ɗan'uwansa, rabi da rabi. Wanda yake son ɗaya kaɗai, kamar mai haɗa magani, sai ya nemo katalis wanda shi kansa yake da dama ko hagu.

Wannan haɗi ya taɓa ƙasarmu ta wata hanya. Magungunan ƙwari aldirin da dildirin da shi ake ƙera su, sunayensu ma daga Alder da Diels aka ciro. An fesa dildirin a gidaje a yankin Birnin Kebbi a shekarun 1950 don yaƙi da sauron zazzaɓin cizon sauro, a can ne kuma aka gano sauron da maganin ya daina kashewa. Dildirin yana da ɗan'uwa mai suna endirin, tsarin lissafinsu ɗaya, C12H8Cl6O, bambancinsu na endo da ekzo ne kawai, amma endirin ya fi shi dafi ga ɓera nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa su duka ukun cikin jerin sinadaran da za a daina amfani da su, saboda daɗewarsu a ƙasa da taruwarsu a kitsen dabbobi da mutane.

Don haka, mai karatu, in aka ba ka dayin da alkin aka ce ka zana abin da zai fito, fara da sis da tirans, ka kwafe su yadda suke ba tare da shakka ba. In ka zo kan endo kuwa, tambayi zafin da aka yi haɗin a kai, da ko dayin ɗin irin furan ne mai saurin komawa baya, kafin ka ɗora alƙalami.